Littafin aikina na koyon inuwa: mako bakwai da fim nuwar

Asabar, 2 ga Nuwamba

Shekara tara ina ɗaukar hoton biki da suna, kuma aikin nan kaf ɗinsa korar inuwa ne. Amarya ba ta son ganin duhu ko ɗis a ƙarƙashin idonta, uwar ango kuwa idan ka bar mata rabin fuska a duhu cewa za ta yi ka ɓata ta da gangan. To yau na buɗe wannan littafi don in koyi kishiyar sana'ata. Nufina kafin ƙarshen shekara in kalli tsofaffin finafinan Amurka na baƙi-da-fari da ake kira fim nuwar, aƙalla guda goma, sannan in ɗauki fitowa ɗaya ta minti biyu a salonsu, a shagon ɗinkin Baffa. Mai neman su a waya `film noir` zai rubuta. Kalmar Faransanci ce, ma'anarta baƙin fim.

Kuɗin da na ware: naira 60,000, har da data. Kayan da nake da su: kyamarar aiki, ƙafarta, da fitilar caji mai faɗi wadda nake haska amare da ita.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Na fara da The Maltese Falcon na 1941, na John Huston, saboda da shi aka saba fara lissafi. Gaskiya na ɗan ji an yaudare ni. Na zo neman duhu, sai na tarar da mutane cikin ɗakuna masu isasshen haske suna ta surutu, kowa yana yi wa kowa ƙarya a kan wani gunkin tsuntsu. Abu ɗaya na ɗauka: yadda ake sauke kyamara ƙasa a ɗauki ɗan wasa Sydney Greenstreet daga wajen cikinsa zuwa sama, har rufin ɗaki ya fito a bayansa, ya zama kamar zai danne mai kallo. Baƙin wannan fim a halin mutanensa yake, bai gama sauka a kan hoton ba tukuna.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Karatu kawai na yi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne waɗanda suka yi finafinan nan ba su san suna yin wani abu mai suna nuwar ba. A wurinsu finafinan laifi ne da na 'yan sanda. Faransawa ne suka raɗa sunan. Lokacin da Jamus ta mamaye Faransa an hana shigo da finafinan Amurka, sai bayan yaƙi, a shekarar 1946, suka iso Paris a tare: The Maltese Falcon, Laura, Double Indemnity, Murder, My Sweet da The Woman in the Window. Wanda ya yi shekaru bai ga ɗan'uwansa ba shi ke fara lura ya rame. Haka masu sharhin Paris suka ga Amurka ta sauya fuska, wani mai suna Nino Frank ya yi amfani da wannan suna a rubutunsa na wannan shekara. Sunan bai zama ruwan dare a Amurka ba sai wajen shekarun 1970, bayan zamanin ya wuce. An saba rufe lissafin da Touch of Evil na Orson Welles, 1958.

Amfanin sanin wannan gare ni shi ne in daina neman ƙa'ida. Babu wanda ya zauna ya rubuta dokokin nuwar aka bi. Daga baya aka tara su wuri ɗaya, shi ya sa har yau ake gardamar wane ne a ciki, wane ne a waje.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Double Indemnity, 1944, na Billy Wilder. Da wannan ya kamata in fara, kuma duk wanda ya tambaye ni nan gaba shi zan miƙa masa. Sau biyu na kalle shi yau, na biyun da murya a kashe.

Fim ɗin ya buɗe da ɗan inshora, Walter Neff, ya shigo ofis cikin dare da harbi a kafaɗa, ya zauna yana faɗa wa na'urar naɗar murya laifinsa. Tun a mintunan farko ya gaya maka ya yi kisa, don kuɗi da mace, kuma ya rasa duka biyun. Saboda haka ba ka zaune kana jiran sanin wa ya aikata. Kana kallon mutum ne yana tafiya zuwa ramin da ka riga ka gan shi a ciki. Wannan dabara ta ba da labari daga ƙarshe zuwa baya ita ce rabin nauyin fim ɗin.

Ɗaya rabin yana falon gidan matar. Zuwansa na farko da rana ne, rana tsaka a Los Angeles, amma an sauke labulen nan na ofis mai tsaga-tsaga, hasken yana shigowa layi-layi ya kwanta a bango da jikin rigarsa, ga ƙura tana yawo a cikinsa. Mutumin bai yi komai ba tukuna, ya zo sabunta inshorar mota ne, amma hoton ya riga ya sa masa sandunan kurkuku. Mai ɗaukar hoton, John F. Seitz, garin alminiyam ya watsa a iska don ya samu wannan ƙurar. A haɗuwarsu ta ƙarshe falon dai shi ne, kujerun su ne, sai dai an kashe fitilu, layukan ne kawai suka rage, fuskokin da ƙyar ake gane su. Ɗaki ɗaya, an rage masa haske daidai gwargwadon yadda mutanen suka nutse. Da na kashe murya na ga ko babu kalma ɗaya zan iya faɗin a wane mataki na labarin nake, daga yawan duhun kawai.

Na rubuta wa kaina tambayoyi biyu da zan riƙa yi a kowace fitowa: daga ina hasken yake zuwa, kuma me aka hana ni gani?

Talata, 12 ga Nuwamba

Data ta ƙare. Na sa ta naira 6,000. Ban kalli komai ba, aikin suna na yi a unguwa.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Na koma baya neman inda inuwar ta samo asali, na kalli Das Cabinet des Dr. Caligari na 1920, fim ɗin Jamus marar magana. Ban ƙarasa ba, ya gajiyar da ni, amma na ga abin da na je gani. Bangaye a karkace, tagogi a murɗe, kuma inuwar ma da fenti aka zana ta a bango da ƙasa. Ra'ayin shi ne wuri ya nuna abin da ke cikin kan mutum, idan hankalinsa ya karkace titi ma ya karkace. Daga nan na wuce M na Fritz Lang, 1931, inda kafin ka ga mai kisan inuwarsa kake fara gani ta faɗo a kan takardar cigiyarsa da aka manna.

Hanyar da wannan ido ya bi ya isa Amurka ta mutane ce. Da Hitler ya hau mulki a 1933, masu fim da yawa suka bar Jamus. Lang, Wilder da Robert Siodmak duk a Berlin suka yi aiki kafin su ƙare a Hollywood. Can suka tarar da wani kaya na jiransu: labaran laifi na mujallu masu arha irin Black Mask, da marubuta irin Dashiell Hammett, Raymond Chandler da James M. Cain. Double Indemnity kansa haɗin gambizar nan ne, labarin Cain, Chandler da Wilder suka mayar da shi fim. Idon baƙo da bakin ɗan gari.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Gwajin farko, kuma na sha ƙasa.

Na je wurin Baffa bayan la'asar na ce, "Baffa, ina roƙon aron shago bayan isha'i, kwana biyu ko uku a mako." Ya ce, "Hoton me za ka ɗauka a duhu, kai da ake biya don ka haska mutane?" Na yi masa bayani iya iyawata. Ya ba ni mabuɗi, da sharaɗin kada in taɓa kayan mutane.

Na samo kwalin firji, na yanka tsagogi takwas, kowace faɗin santimita 3, tsakaninsu ma 3. Ƙanena ya riƙe kwalin, na sa fitilar amare a bayansa kamar rabin mita, bango kuma yana mita 2 daga kwalin. Na kunna. Babu layi ko ɗaya. Wani haske ne kawai mai dishi-dishi a bango, kamar an shafa toka. Na ƙara ƙarfin fitila, abin ya ƙara haske amma bai ƙara kaifi ba. Na matso da ita jikin kwali, ya ƙara lalacewa. Da na sa hannuna kusa da bango don in duba, sai na ga gefen inuwar yatsuna a ninke, ɗaya bisa ɗaya, saboda fitilar ƙananan ƙwayaye ne da yawa a jere, kowane yana jefa tasa inuwar. Awa biyu muka yi, ƙanena ya ce, "Yaya, hannuna ya mutu," muka rufe shago.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Na gano laifin, kuma lissafi ne mai sauƙi da ya kamata mai hoto na shekara tara ya sani. Kaifin inuwa ba ya zuwa daga ƙarfin fitila. Daga ƙanƙantarta yake zuwa, da kuma nisa. Faɗin dishi-dishin da ke bakin inuwa ana samunsa haka: faɗin fitila, a ninka da nisan kwali zuwa bango, a raba da nisan fitila zuwa kwali.

Ranar Lahadi fitilata faɗinta santimita 20, kwali zuwa bango 200, fitila zuwa kwali 50. Wato 20 sau 200 a raba da 50, ya ba da santimita 80 na dishi-dishi. Layukan kansu a bango faɗinsu bai wuce 15 ba. Ta yaya layin santimita 15 zai rayu cikin hazon santimita 80? Duk abin da na yi daren nan a juye na yi shi. Fitilar amare an yi ta da faɗi ne musamman don ta kashe inuwa, ni kuma na ɗauko ta in haifi inuwa da ita.

Na shiga kasuwa na sayi fitila mai ƙwai ɗaya tal, ƙwan bai fi santimita 2 ba, naira 19,500 bayan ciniki. Na cire farin murfin gabanta. Na kuma sayi yadi 3 na baƙin ƙyalle mai kauri, naira 5,400.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Alhamdu lillahi, layuka sun fito. Fitila a bakin ƙofa, mita 3 daga kwali, kwali kuma santimita 60 daga bango. Lissafi ya ce dishi-dishin bai kai rabin santimita ba, ido ma ya yarda: kamar da reza aka yanka su. Na ɗaure kwalin a jikin kujera, ƙanena ya huta.

Amma gyara ɗaya ya haifo matsala biyu. Ta farko, nisa yana cin haske, idan ka ninka nisan fitila sau biyu kashi ɗaya cikin huɗu ne ke isowa. Dole na ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 1600, duhun ya fara yin tsaki-tsaki. Ta biyu ta fi ba ni haushi. Shagon Baffa farin fenti ne, hasken yana dukan bango ya dawo ya cike duk inuwar da na wahala na yi. Tsakanin layukan, inda ya kamata ya zama baƙi ƙirin, toka-toka ne. Na rataya baƙin ƙyallen a bangon da kyamara ba ta gani, na naɗa wa fitilar baƙin kwali kamar mazurari don kada ta zuba gefe. Nan take baƙin ya zauna. Rabin aikin nuwar, ashe, tare haske ne.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Detour, 1945, na Edgar G. Ulmer. Minti sittin da 'yan kai, wani ƙaramin kamfani mai suna PRC ya yi shi da kuɗi kaɗan, kuma yanzu ba shi da mai haƙƙin mallaka, kowa na iya kallonsa kyauta. Talaucin fim ɗin a fili yake. Inda ake so a nuna titin New York, hazo aka cika wurin da shi aka kafa alamar titi, shi ke nan. Amma akwai wurin da ya biya ni kuɗin datata: mutumin yana zaune a gidan abinci, zai fara tuna baya, sai hasken ɗakin duka ya dushe, aka bar siririn haske a kan idanunsa kaɗai. Ba a gina komai ba, ba a sayi komai ba, an dai rage fitila.

A nan na fahimci ɓangaren tattalin arzikin salon. Lokacin yaƙi gwamnatin Amurka ta taƙaita kuɗin sabon kayan gina dandali zuwa dala 5,000 a kowane fim, kuma da yawan finafinan nan masu ƙaramin kasafi ne da ake haɗawa da babban fim a tikiti ɗaya. Bangon da ba ka haska ba, ba sai ka gina shi ba. Sai dai ban yarda da masu cewa talauci kaɗai ya haifi nuwar ba. Finafinai masu arha da aka yi a shekarun nan ba su ƙirguwa, akasarinsu a haske tas aka ɗauke su. Rashin kuɗi ya buɗe ƙofa ne, sai da aka samu masu idon shiga.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Biki biyu a makon nan. Na kama kaina ina kallon inuwar rumfa a fuskar wani dattijo maimakon in ɗauki ango.

Laraba, 4 ga Disamba

Ranar fuska. Wannan ce matsalar da babu fim ɗin da na kalla ya warware mini, domin kusan duk fuskokin da aka haska a cikinsu farare ne.

Tsarin da Hollywood ta saba da shi fitila uku ne: babba daga gefe ɗaya, mai cike inuwa daga wajen kyamara, da ta baya mai raba mutum da bango. A fim na raha, ɓangaren fuska mai haske bai fi ninki biyu na ɓangaren inuwa ba. Masu nuwar sai suka rage mai cike inuwar ƙwarai ko suka kashe ta, bambancin ya kai ninki takwas ko fiye. Na zaunar da ƙanena a kan keken ɗinki na auna da manhajar waya mai nuna lux, ma'aunin ƙarfin haske: kuncin haske 400, kuncin inuwa 50. Takwas da ɗaya ke nan, daidai yadda ake faɗa. Na duba allon kyamara, rabin fuskarsa ya ɓace gaba ɗaya, ɗaya rabin kuma wani ɗigon ƙyalli ne mai zafi a goshi da kan hanci, sauran duk ya nutse. Ƙanena baƙi ne sosai, irin baƙin gidanmu. Ya leƙa ya ce, "Yaya, wannan ai ba ni ba ne, aljani ka ɗauka."

Abin da na sani daga aikin biki shi ya cece ni. Baƙar fata tana nuna siffarta ne ta ƙyallin da take mayarwa, kamar tulun da aka goge. Ƙaramar fitila mai kaifi ɗigo ɗaya take bari a kanta, mai faɗi kuwa tana shimfiɗa ƙyallin ya bi kunci da haɓa. Saboda haka na raba aikin biyu. Fitila mai ƙwai ɗaya ta tsaya a kan bango da layukanta. Fitilar amare, wadda na yi fushi da ita, na dawo da ita can gefe, ta ɗan koma bayansa kaɗan, na tare ta da ƙyalle don kada ta taɓa bango. Sai ga layin haske ya zagayo daga goshi zuwa haɓa. A ɗaya gefen na ajiye farar takarda a kan teburin keke, ta ɗaga inuwar zuwa wajen 100. Huɗu da ɗaya ke nan a ma'auni, amma a ido ya fi takwas da ɗayan farko kama da abin da na gani a finafinan, kuma idonsa na ɓangaren duhu ya samu ɗan ƙyalli. Idan ido ya mutu, fuska ta mutu, ko a nuwar.

Lahadi, 8 ga Disamba

Out of the Past, 1947, na Jacques Tourneur, hoton Nicholas Musuraca. Ya fara a ƙaramin gari mai rana da tafki, kowane taku da mutumin ya yi zuwa ga tsohuwar rayuwarsa sai duhu ya ƙaru. Shigowar jarumar fim ɗin, Jane Greer, ta farko daga hasken rana take, sanye da fararen kaya, ta shigo cikin duhun mashaya. Wanda ya zo da tunanin cewa fari na kirki ne baƙi na mugu, wannan fim zai gyara masa zama.

Wata magana a kan matan finafinan nan, tunda matata ta kalli wannan tare da ni ta ce, "Wato kullum mace ce ke kai su ga halaka?" Na ce mata ta lura da bakin da ke ba da labarin. A Double Indemnity da Detour namijin ne ke magana, bayan ya riga ya faɗa rami, yana neman inda zai jingina laifi. Shi Neff da kansa ya tsara yadda za a damfari kamfanin da yake yi wa aiki. Ta ce wannan ba sabon abu ba ne, ba sai an je Amurka ba.

Akwai kuma hannun masu tace finafinai. Daga 1934 aka tsaurara dokar da ta hana nuna alfasha a fili, ta kuma wajabta mai laifi ya ga sakamakonsa. Shi ya sa ake yanke hoto a koma kan wani abu, a bar ka ka cike gurbin. A kisan da ke Double Indemnity ba a nuna maka komai sai fuskar Barbara Stanwyck, wadda ta fito a matsayin matar, tana kallon gaba a cikin mota, abin yana faruwa a kujerar gefenta. Ya fi a nuna tsoratarwa.

Alhamis, 12 ga Disamba

Na jawo wa kaina faɗa. Ina son sandar haske ta fito a iska irin ta falon Double Indemnity, ba ni da garin alminiyam, kuma ko ina da shi ba zan shaƙa ba. Sai na ɗauko kaskon turaren wuta na gida. Da farko ban ga komai ba, hayaƙin ya sa hoton ya yi fari-fari kawai, saboda fitilar tana bayan kyamara. Da na zagaya na sa fitilar tana fuskantar kyamara daga gefe, ita kanta a ɓoye bayan ƙofa, sandunan suka tsaya a iska ɗaya bayan ɗaya. Hayaƙi ba ya nuna haske sai hasken ya biyo ta bayansa. Kuma sai an kashe fanka, an kaɗa shi da kwali, an jira kamar minti ɗaya ya baje, in ba haka ba curi-curi yake fitowa kamar gobara.

Na manta shagon ɗinki nake. Da safe Baffa ya kira ni. Shaddojin mutane huɗu sun sha turaren mata, ɗaya ta wani limami ce. Ya ce, "Na ce kada ka taɓa kayan mutane." Na ce, "Wallahi Baffa ban taɓa ba." Ya ce, "Hayaƙinka ya taɓa." Na ba da haƙuri, na biya wanki da guga naira 4,000. Daga yau za a kwashe kaya a kulle a akwati kafin in kunna komai.

Asabar, 14 ga Disamba

An ɗauke wuta tun magariba, fitilar ƙwai ɗaya kuma ba ta caji ba ce. Na ari janareto, fetur naira 3,500. A kansa hoton ya riƙa rawa, wasu layuka masu duhu suna hawa allo. A wutar gari na saba ɗauka a hoto 25 cikin daƙiƙa, kowane hoto kyamara na buɗe ido na 1/50 na daƙiƙa, wanda ya dace da wutarmu mai bugu 50 a daƙiƙa, amma ƙaramin janareto ba ya riƙe bugunsa daidai. Ƙararsa ma ta hana naɗar sauti. Mun tashi ba mu ɗauki komai ba.

Na koma gida na kalli The Big Combo na 1955, don mai ɗaukar hotonsa, John Alton. Shi ne wanda ya rubuta littafi a kan haska fim a 1949, kuma a cikin duk waɗanda na gani babu mai rowar fitila kamarsa. Fitowar ƙarshe hazo ne da haske ɗaya daga baya, mutum biyu sun zama baƙaƙen siffofi. Ga mai sha'awar hoto, wannan. Ga sabon shiga kuwa jerin da zan ba shi daban ne: Double Indemnity, sai Out of the Past, sai Detour, sannan The Third Man na 1949, wanda Birtaniya ta yi a Vienna, da jiƙaƙƙun tituna da kyamara a karkace. The Big Sleep a bar shi sai an saba, labarinsa a cukurkuɗe yake, sabon shiga zai ɓata ƙarfinsa wajen bin wa ya kashe wa.

Talata, 17 ga Disamba

Mun ɗauka. Wuta ta zauna daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya da rabi. Labarin ba shi da magana: yaron shago yana ƙirga kuɗin da ba nasa ba, layuka a bango bayansa, sai inuwar mutum ta shigo ta haɗiye layukan ɗaya bayan ɗaya har ta iso kansa. Abokina ne mai inuwar. Da ya tsaya kusa da bango inuwar ta fito daidai girmansa, ba ta ba kowa tsoro ba. Da na matsar da shi kusa da fitila, mita 1 daga gare ta, ta cika bango har rufi, bakinta ya ɗan yi laushi amma ya karɓu. Sau goma sha ɗaya muka maimaita, na bakwai ya fi.

Ban buƙaci turare ba. Hazon hunturu ya sauka tun jiya, na bar ƙofa a buɗe rabin awa, ƙanena ya kaɗe tabarma sau biyu, ƙurar ta isa.

Kurakuran da na gani da na duba a kwamfuta: a hoto na kusa na matsar da fitilar gefe don fuskar ta yi kyau, sai hasken ya koma zuwa daga hagu alhali a hoto mai faɗi daga dama yake. Da an haɗa su ido yana tsalle. Sannan na karkata kyamara a wuri biyu ba tare da dalili ba, don kawai na gani a The Third Man. Can birnin ne a rushe kuma kowa maƙaryaci, nan kuwa ya yi kama da ƙafar kyamara ce ta goce. Zan cire su.

Abin da ya fita zuwa yau: fitila 19,500, ƙyalle 5,400, data sau biyu 12,000, wanki 4,000, fetur 3,500, shayi da burodin ma'aikata 4,200. Jimla 48,600. Saura 11,400.

Alhamis, 19 ga Disamba

Na nuna wa Baffa abin da na haɗa, a waya. Ya kalla shiru, ya ce a maimaita. Da inuwar ta fara cin layukan ya ce, "Wa ke shigowa?" Na ce ba a nunawa. Ya ce to shi ya san ko wane ne, mai shagon ne, kuma yaron ya shiga uku. Sai ya tambaya ko kuɗin da aka ƙirga daga aljihun teburinsa aka ɗauko. Nawa ne, na nuna masa.

Ranar Asabar zan sake ɗaukar hoton kusa guda biyu da fitilar a dama. Finafinai takwas na kammala, Caligari bai shiga lissafi ba tunda ban ƙarasa shi ba, saura biyu: The Killers na Siodmak da Touch of Evil. Ragowar kuɗin zan sa a doguwar waya mai mita 20, domin mataki na gaba a waje nake son yinsa, a lungun bayan shago, in jiƙa ƙasa da ruwa in sa fitila a can ƙarshen lungun tana kallona. Sai na fara neman izinin maƙwabta, kuma bokiti nawa lungun zai sha kafin ya yi ƙyalli, wannan sai ranar.